Nasiha ga Wanda Aka Ɗora wa Rabon Kujerun Jarrabawa

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, ya kai malamin da shugaban makaranta ya dafa wa kafaɗa a gaban jama'a, ya ce saboda yarda da amanarka da kuma sanin kwamfuta da aka ce kana da shi ya sa aka naɗa ka jami'in jarrabawa, ka sani cewa abin da aka ba ka ya fi kusa da ƙaddara a kan girma, kuma tun da babu makawa sai ka ɗauka, ga 'yan shawarwari waɗanda in ka bi su, la'alla ka fita zangon nan da mutuncinka, ko da ba ka fita da abokanka duka ba. A zahiri aikin ba shi da wuya, domin abu uku kawai ake nema: sunayen ɗalibai, yawan kujerun ɗakuna, da sunayen malaman da za su yi gadi, a zuba su cikin na'ura ta fid da jadawali. Sai dai kowane ɗaya daga cikin ukun nan, in ka karɓe shi yadda aka miƙo maka, ƙarya ce mai hatimi.

Mu fara da sunayen ɗalibai. Alal misali, a ce aji biyar ne zai zauna, mai rassa huɗu, malaman aji sun kawo maka rajistarsu: 58 da 61 da 54 da 47, jimilla 220. Kada ka kuskura ka yi imani da wannan adadi kafin ka yi masa bincike irin na alƙali, domin a cikinsa za ka tarar da yaro guda ya bayyana a matsayin Muhammad a wani reshe, ya kuma sake bayyana a matsayin Mohammed a wani, alhali jikinsa ɗaya ne kuma kujera ɗaya yake bukata. Za ka tarar da waɗanda suka bar makarantar tun bara amma ruhinsu bai bar rajista ba. Sa'an nan akwai waɗanda suka zo a tsakiyar zango ko suke maimaita aji, suna nan da ransu da lafiyarsu, takarda ce kaɗai ba ta san da zamansu ba. Saboda haka ka ajiye suna gefe, ka riƙe lambar shiga makaranta, wadda ita ce shaidar da ba ta canza rubutu. In lambobin suna layin farko na takardar Excel, wannan zai tona maka asirin masu maimaituwa:

```
=COUNTIF(A:A,A2)
```

Duk inda ya ba ka abin da ya wuce 1, to, akwai magana. Amma ka yi hattara da shisshigin na'urar kanta, wadda in ka rubuta mata 0047 sai ta ga sifirin nan biyu ba su da amfani ta shafe su, in kuma lambar tana da karan tsaye a tsakiya, kamar 12/05, sai ta yi maka fatawa cewa kwanan wata ne. Maganinta ka mai da layin Text tun kafin ka zuba lambobin, ba bayan ta gama ɓarnar ba. A misalinmu, a ce an sami maimaici 3, waɗanda suka tafi 4, baƙi 5: adadin gaskiya ya zama 218.

Sai batun ɗaki, kuma a nan ne akasarin magabatanka suka halaka. Za ka tambayi shugaba mutum nawa babban zaure yake ci, ya amsa maka da alfahari cewa 400, kuma bai yi ƙarya ba, domin ranar ba da kyaututtuka ya ga mutum 400 a ciki, kafaɗa na gogar kafaɗa, wasu a kan taga. Sai dai cin zaure ranar walima daban, cinsa ranar hisabi daban. Ka ɗauki magwaji ka auna da hannunka. A Ingila, ƙa'idar hukumomin jarrabawarsu ita ce tazarar mita 1.25 daga tsakiyar kujera zuwa tsakiyar ta kusa da ita, da mai gadi ɗaya ga kowane ɗalibi 30 a jarrabawar rubutu, kuma babu laifi mu ari wannan ma'auni inda makaranta ba ta da nata. In zauren yana da tsawon mita 20 da faɗin mita 12, ka fid da mita 2.5 na gaba domin teburin masu gadi, saura 17.5, wato sahu 14. Faɗin kuma in ka raba shi ya ba ka 9.6, kuma da yake har yanzu ba a haifi kashi shida bisa goma na ɗalibi ba, sai ka ce 9. Zauren mutum 400 ya koma na mutum 126. Wannan labari ka kai wa shugaba bayan ya ci abinci.

Saura ɗalibi 92 da za su shiga azuzuwa. Aji mai benci 30, wanda a ranakun karatu yake ɗaukar yara 60, a ranar jarrabawa 30 yake ɗauka, mutum ɗaya a benci, da sharaɗin ka je ka zauna a kan kowane benci da kanka, saboda rajistar kayan makaranta tana ƙidaya mai ƙafa uku a cikin rayayyu. To, in ka bar na'ura ta cika ɗaki kafin ta wuce na gaba, za ta ba ka ɗakuna uku cikakku da na huɗu mai ɗalibi biyu rak, waɗanda za su zauna cikin sarauta da masu gadinsu na musamman. Tun da ɗaki na huɗu ya wajaba ko ta yaya, hikima ita ce ka more shi: ka rage zaure zuwa 120, ka bar kujera 6 a sahun baya domin waɗanda za su ɓullo da safe da takardar shugaba a hannu, domin lalle za su ɓullo, sa'an nan ka raba 98 da suka rage 25, 25, 24, 24.

Wajen jera su kuwa, mafi sauƙin hanya ita ce bin haruffan suna, kuma ita ce mafi soyuwa ga ɗalibai, domin tana zaunar da 'yan uba ɗaya kusa da juna, su yi zumunci irin wanda shari'ar jarrabawa ba ta yarda da shi ba. Abin da ya fi shi ne ka cakuɗa rassan, ka ɗauko ɗaya daga na farko, ɗaya daga na biyu, na uku, na huɗu, ka sake komawa. Amma a nan akwai wani sirri wanda ba kowa ya lura da shi ba. A zaure mai kujera 9 a sahu, rabon yana gocewa da ɗaya a kowane sahu, saboda haka wanda yake bayan yaro ɗan wani reshe ne, abin ya yi kyau. A aji mai benci 4 a sahu kuwa, huɗu ta haɗu da huɗu, sai ka ga layi guda tun daga allo har bango 'yan reshe ɗaya ne, kowa yana kallon ƙeyar amininsa, takarda tana tafiya daga gaba zuwa baya cikin aminci. Dole a irin wannan ɗaki ka goce da mafarin kowane sahu da hannu. Kuma ka duba wutsiyar jerin, domin ƙananan rassa suna ƙarewa da wuri, 'yan reshe mafi girma su taru a ƙarshe su kaɗai. Waɗannan sai ka warwatsa su.

Yanzu mun iso ga masu gadi, babin da ya fi rabon gado haddasa gaba. Mai gaggawa zai raba 218 da 30, ya sami bakwai da ɗoriya, ya rubuta takwas ya tafi gida. Kuskurensa shi ne ya ƙidaya kawuna ya manta da bango, alhali idon malami, duk kaifinsa, ba ya huda katanga. Lissafin ɗaki-ɗaki ake yi, kuma ɗaki ba ya zama da mai gadi ɗaya, domin in yarinya ta nemi fita, ko takardar amsa ta ƙare, ko shi malamin kansa larura ta kama shi, ɗakin ya zama marar limami, kowa ya yi ijtihadi daga littafin maƙwabcinsa. In yawan ɗaliban ɗaki yana B2, ga abin da za ka rubuta:

```
=MAX(2,ROUNDUP(B2/30,0))
```

Zaure ya ci 4, azuzuwa huɗu suka ci 8, ga 12. Ka ƙara mutum ɗaya mai zagayawa wanda zai toshe gurbin wanda babur ɗinsa ya lalace a hanya, ya zama 13. Tsakanin takwas da goma sha uku akwai malamai biyar waɗanda suka riga suka yi niyyar hutawa, kuma kai ne za ka sanar da su.

Ba kowane malami ne kuma ya halatta ga kowane zama ba. Malamin darasin haramun ne ya yi gadin takardarsa, saboda tausayi yakan sa ya tsaya a kan yaro ya yi tari mai ma'ana. Malamin aji makaruhi ne ga ajinsa, kuma da yake ka cakuɗa rassan a kowane ɗaki, ka sani ka fid da malaman ajin nan huɗu daga dukan ɗakunan gaba ɗaya, abin da mutum ba ya tunawa sai na'ura ta ce masa mutane sun kasa. Inda akwai ɗalibai mata, wajibi ne a sami malama da za ta iya binciken su da raka su. Zaman yammacin Juma'a kuwa kada ka sa shi ko kusa, in ba so kake ka yi gadin ɗaki biyar kai kaɗai ba.

Game da adalci, a ce zama 20 ne cikin kwana goma, kowanne da mutum 13, wato aiki 260, malaman da suka rage bayan an cire manya kuma 30 ne. Ba ya rabuwa daidai: mutum 20 za su yi tara-tara, mutum 10 su yi takwas-takwas. Waɗanda suka sami tara za su zo maka ɗaya bayan ɗaya, kowa da hujjarsa, wani ciwon baya, wani bikin suna wanda tun makon jiya ya san ranarsa amma bai faɗa ba. Kada ka yi musu da kowa. Ka lissafa adadin kowa a gefen sunansa, ka manna a ɗakin malamai kowa ya gani, ka kuma ce duk mai son musanya ya nemo wanda zai karɓa, su sa hannu su biyu. Ka kuma sa sunanka a cikin masu tara, domin wannan kaɗai ne yake rufe bakin dattijon da ya koyar da kai.

Daga ƙarshe, ka buga komai tun saura kwana biyu, saboda wutar lantarki ta san ranar jarrabawa fiye da ɗalibai. Kofi ɗaya a ƙofar kowane ɗaki, ɗaya a hannun babban mai gadi domin ɗalibai su sa hannu, lambar kujera kuma a rubuta ta a kan benci da yammacin jajibere. Kafin ka kulle ofis, ka tara adadin ɗakuna biyar ɗin da alƙalami: in ba su ba ka 218 ba, kada ka tafi gida.