Ranka Ya Daɗe, Saura Minti Ɗaya

Ina da ra'ayi guda a kan aikin jagoran tattaunawa a wurin taro, kuma na san zai jawo mini harara: a cikin duk mutanen da ke zauren, babu azzalumi kamar jagora mai kunya. Mutum ne da aka damƙa wa agogo da lasifika, aka ce ya raba minti casa'in tsakanin mutum huɗu da ke kan teburi da wasu ɗari biyu da ke kan kujerun roba, amma saboda tarbiyya sai ya bari na farko ya cinye rabon na ƙarshe yana ta gyaɗa masa kai. Domin kada a ce na zargi wani bawan Allah, bari in ɗora kaina a kujerar. Mu ƙaddara an shirya taro a Birnin Gwari a kan dajin Kamuku, dajin da aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, yana iyaka da Kuyambana ta Zamfara. Batu ne da kowa a garin yake da abin faɗa a kai, musamman tun da aka yi sulhun da ya kai ga buɗe kasuwar shanu ta garin a ƙarshen 2024 bayan ta shafe shekaru a rufe. A kan teburi akwai masanin gandun daji, da wani farfesa da ya taso daga wata jami'a, da wakilin manoma, da ardo. Ni kuma ga ni a gefe da babbar riga mai sitaci, ina jin kaina.

A takarda lissafin ba shi da aibu. Za a fara ƙarfe 11:30 a tashi ƙarfe 1:00, kafin azahar. Minti 5 nawa ne na buɗewa da gabatar da baƙi. Kowane baƙo minti 5 na shimfiɗa, 20 ke nan. Minti 30 na tambayoyin da na shirya, minti 25 na jama'a, minti 2 ga kowane baƙo ya rufe bakinsa, ni kuma in yi godiya a minti 2. Casa'in cif. To ga yadda kunyata za ta yi da wannan lissafi. Zan miƙe in karanta tarihin kowane baƙo tun daga firamare, saboda kowannensu ya turo mini shafi biyu kuma ina tsoron a ce na rage wa wani digiri, sai minti 5 ya zama 11. Masanin daji mutumin kirki ne, zai yi minti 5 ɗinsa daidai, amma bayan ya kashe minti 3 yana gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ni ma na gama gaishe su yanzun nan. Farfesa zai nemi a kunna majigi, a tarar wayar ba ta shiga kwamfutarsa, a aika yaro. Idan hoto ya fito sai in hango lamba a ƙasan allon, shafi na 1 cikin 46, gabana ya faɗi. A minti na 7 zan yi gyaran murya. A na 10 zan dubi agogon hannuna da irin duban da nake fatan ya gani. A na 13 zan rubuta masa 'yar takarda, ya karɓa, ya yi mini murmushi, ya sa ta a aljihu bai buɗe ba, wataƙila ya ɗauka lambar wayata ce. Zai ce “daga ƙarshe” sau uku, ya zauna a minti na 19. Wakilin manoma ya ga abin da aka bar wa farfesa, shi ma ba a ƙasa ya tsinci bakinsa ba, zai yi 12.

Minti 50 sun tafi, mutum uku suka yi magana, alhali a minti na 25 ya kamata a ce duka huɗun sun gama. Kuma a nan ne zaluncin yake fitowa fili, domin a lokacin ne jarumtata za ta motsa. Zan juya wajen ardo, wanda shi kaɗai ne a teburin ya san kowane burtali da mashaya a bakin dajin da ƙafarsa, in ce masa, “Ardo, don Allah a taƙaice, lokaci ya ƙure mana.” Mutumin da bai ci komai ba shi zai biya kuɗin tuwon. Sai in jefa tambayata ta farko ga kowa da kowa, irin tambayar nan ta ragwaye, “Mene ne mafita?”, kowa ya sake jawabi na minti 5. Idan na waiwayo ga jama'a saura minti 8 bayan an cire na rufewa, kuma hannun farko da zan zaɓa na wani dattijo ne a layin gaba, wanda zai fara da cewa shi ba tambaya gare shi ba, ɗan tsokaci ne, kuma tsokacin kashi uku ne. Yana cikin kashi na biyu mai abinci zai fara buɗe kuloli a bayan zaure, ƙamshin shinkafa ya rufe taron ba tare da ya nemi iznina ba. Matar da ta taso daga Randagi da sassafe da tambaya ɗaya a bakinta, wadda dole ta kama mota ta koma kafin rana ta yi sanyi, za ta tafi da abarta.

Wannan ɓarnar duk ba a zauren ta faru ba. Kwana uku kafin taron ta faru, ranar da ban kira kowa a waya ba. Lokaci a gida ake tsare shi. Da na kira farfesa na ce, “Allah ya gafarta malam, minti 5 ne, ba majigi, kuma ga abin da zan tambaye ka,” da ya yi ƙorafinsa a waya inda babu mai ji. Minti 5 kusan kalma 600 ne, shafi ɗaya da ɗan ɗori, kuma gara a faɗa wa mutum da shafi, domin kowa yana ganin minti 5 ɗinsa ya fi na kowa tsawo. Gaisuwar manya kuwa jagora ya ɗauke wa kowa, ya yi ta sau ɗaya cikakkiya kamar sanƙira, sannan ya sanar cewa ya gaida kowa a madadin duk mai magana. Tarihin baƙo jimla biyu ya isa: wane ne, kuma me ya sa shi ne ya dace da wannan batu. Sai a zaunar da wani a layin gaba da kati biyu, ruwan ɗorawa na saura minti ɗaya, ja na an gama, a nuna wa jama'a katunan tun farko a yi dariya tare. Amfanin wannan shi ne idan an ɗaga jan kati, doka ce ta tsayar da farfesa, ni dai ɗan aike ne.

Za a ce mini a ƙasar Hausa ba a katse babba, kuma yaron da ya yi haka a gaban hakimai ya jawo wa iyayensa magana. Gaskiya ne, kuma ba na neman a kwaikwayi bikin kyautar Ig Nobel, inda suka yi shekaru suna sa yarinya 'yar shekara takwas ta je gaban mai jawabin da ya zarce ta yi ta nanata masa cewa ya daina ta gaji. A Birnin Gwari wannan yarinya sai an kai ta gidan kakarta ta kwana biyu. Amma katsewa iri-iri ce. Kowane mai magana yana shan numfashi, kuma a wannan gaɓar jagora yake shiga, ya kama kalmar ƙarshe da mutumin ya faɗa ya mayar da ita gada: “Ranka ya daɗe, wannan batu na burtali da ka taɓo shi ne daidai abin da nake so ardo ya warware mana.” An karɓe masa lasifika, an kuma yaba masa, ya zauna yana jin shi ya buɗe babi. Ban da haka, ardo ma babba ne. Idan girmama manya ne hujjar, ban ga dalilin da za a girmama wanda ya fara magana da lokacin wanda zai yi ta ƙarshe ba.

Wasu kuma za su ce tambayar da aka shirya aka aika wa baƙo tun kafin taro wasan kwaikwayo ne, an ba ɗalibi takardar jarrabawa. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi idan jagora ya tsaya a kan takardarsa kamar mai karanta labarai. Abin da ake aikawa shi ne tambayar farko. Ta biyu, wadda take fitowa daga amsar, ba ta kan takardar kowa. Ga minti 30 nakan so a shirya tambaya goma, da sanin cewa shida za a yi, kowace da sunan mai amsa ta a gefe, kuma kowace mai kan allura. Maimakon “mene ne mafita?”, a tambayi wakilin manoma a wane wata ne shanu suka fi shiga gona, kafin a kwashe masara ko bayan an kwashe. A tambayi masanin daji ta yaya manomi zai gane inda gonarsa ta ƙare gandu ya fara. Irin wannan ba ta amsuwa da jawabi, kuma idan mutum ya kauce kowa a zauren zai ga kaucewar.

Ƙorafin da ya fi yi mini nauyi na jama'a ne. Mutanen da suka shekara da shekaru suna fargabar hanyar Kaduna da ta Funtuwa, waɗanda wasunsu suka bar gonakinsu, idan sun samu lasifika ba tambaya ce kawai a ransu ba, kuma wanda zai ce musu “minti ɗaya” sai ya ji kamar ya yi rashin imani. Amma a minti 25, idan kowa ya yi minti ɗaya aka karɓi tambaya uku-uku kafin a amsa, mutum tara za su samu shiga. Idan aka saki, mutum uku ne, kuma ukun nan ba su ne suka fi shan wuya ba, su ne suka fi kusa da teburi. Saboda haka zagaye ɗaya daga baya, ɗaya daga ɓangaren mata, ɗaya daga gaba, a kuma raba 'yan takardu ga masu jin nauyin miƙewa. Sai babban sirrin sana'ar, wanda ya fi duk katunan aiki: yaron da ke zagayawa da lasifika kada ya sake ta. Ya riƙe ta a bakin mai tambaya da hannunsa. Duk wanda lasifika ta shiga tafinsa ya zama mai gari, kuma ƙwato ta sai an yi kokawar da za ta fito a bidiyon taro. Idan tana hannun yaro, da zarar dattijo ya ce “kashi na biyu kuma”, sai yaron ya rusuna cikin ladabi, ya ce “Baba, an gode,” ya yi gaba da abarsa wajen matar Randagi.