Masu Faɗowa Tsakiyar Hira

Majalisar teburin mai shayi takan cika ne bayan Isha'i, duk wanda ya makara kuwa sai ya tarar zance ya yi nisa. A shigowar nan ake gane halin kowa.

Akwai Sarkin Gaisuwa. Ana tsaka da gardamar ko a sayar da masara da kaka ko a ɓoye ta har bazara, sai ga shi. Sallama ɗaya ba ta isarsa, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da musabaha: ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki, an sallamo shi kuwa? Malamin da ke lissafin kwano arba'in na buhu, yana cire kuɗin dako da na maganin ƙwari, yanzu hannunsa na cikin na Sarki, lissafi ya zube. Sarki ya kai kan mutum na bakwai sai ya tuna bai tambayi na farko lafiyar Hajiya ba, ya dawo. Ba dama ka yi fushi, zumunci yake yi. Amma kafin ya zauna shayi ya huce, masara kuma ta bi ruwa.

Sai Malam Me-Ake-Cewa, mai son a warware masa hirar tun daga tushe, da an fara kuma ya ɗauko waya. Sai Ƙwarai-Kuwa, wanda ke gaskata masu gardamar duka biyu. Akwai kuma masu gyaran murya, suna riƙe da magana a baki suna jiran gaɓa har a koma zancen ƙwallo. Irinsu ne ke komawa gida su rubuta a jarida, kada ku tambaye ni yadda na sani.

Wanda ke ƙona mini rai shi ne Ai-Wannan-Ba-Komai-Ba-Ne. Kalma ɗaya ya tsinta tun daga nesa, "masara", bai ko cire takalmi ba ya katse dattijo, ya kai mu wahalar da ya sha lokacin canjin kuɗi na 2023. Shi ba hira ta kawo shi ba, masu saurare ya zo nema, kuma wannan rashin tarbiyya ne.

Gwanin abin wani tsohon direba ne. Sallama ƙasa-ƙasa, ɗaga hannu ɗaya ga kowa, ya raɓa a ƙarshen benci. Ba ya tanka wa kowa sai mutum biyu ko uku sun yi magana, ya gane inda aka dosa. Da mai magana ya kai kofi baki, sai ya ce, "Alhaji, batun ajiyar da ka yi, jiya a Dawanau na ga buhunan da ƙwari suka ci saboda an ɗura su da danshi." Ya yi shiru, Alhaji ya ɗora daga nan.

Sarkin Gaisuwa mun yafe masa. Ai-Wannan-Ba-Komai-Ba-Ne kuwa, don Allah mai shayi, a daina ba shi bashi.