Jirgin Ya Tashi Ne Ko Yana Tashi? Shawarwari Ga Mai Rubuta Ranar Da Rayuwarsa Ta Juya

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tashar nan da ke kusa da Fagge da Sabon Gari take raba mutane da rayuwarsu ta dā. Wani ya sauka da ƙunshin kaya ya zama ɗan Sabon Gari, wani ya hau da adaka ya zama ɗan Ikko. Idan kana cikinsu, kuma ka ɗauki alƙalami don rubuta wannan rana, tun a jimlar farko za ka ci karo da tambaya: "na hau jirgi" za ka ce, ko "ina hawan jirgi"? Kada ka jefa kwabo sama. Ga yadda ake yanke hukuncin.

Na farko, tambayi kanka yaushe ka gane abin da ya same ka.

A ce a 1965 ka bar Kano kana ɗan shekara 17, za ka koyon sana'a wajen kawunka a Ikko. Idan sai bayan shekaru ka fahimci cewa wannan tafiya ce ta canza ka, to shuɗaɗɗen lokaci ne naka:

"Da hantsi muka isa tasha. Kawu ya sayi tikiti, ɗan dako ya ɗauki adakata, muka kutsa cikin tarago. Inna ta miƙo min ƙullin dambun nama ta taga. Aka busa usur, jirgi ya motsa. Ashe ganin ƙarshe ke nan da zan yi mata."

Duk nauyin sakin layin yana kan "ashe". Dattijon da ke rubutu ne ya san haka. Yaron da ke bakin taga bai sani ba, hankalinsa ma yana kan dambun. Muddin kana buƙatar "ashe", "daga baya" ko "da na sani", ka tsaya a shuɗaɗɗen lokaci, domin shi kaɗai ke ba dattijon izinin sa baki. Shi ne kuma zai bar ka ka gaya wa jikanka cewa da fam da sule aka sayi tikitin, naira sai a 1973 ta zo.

Na biyu, san abin da lokaci mai ci yake iyawa.

Idan kuwa nan take abin ya doke ka a ƙirji, kana son mai karatu ya zauna kusa da kai a kan bencin, to ga aikin lokaci mai ci:

"Ina zaune a bakin taga. Inna tana tsaye a ƙasa, tana murza gefen mayafinta. Bakinta yana motsi, amma ƙarar inji ba ta bari in ji. Masu tallan rake suna bin taragai da gudu."

Kowane aiki a nan mai ɗaukar lokaci ne: zama, tsayuwa, murzawa, gudu. Nan ne ƙarfinsa yake, nan ne kuma iyakarsa. Gwada shi a kan aikin da ake gamawa cikin ƙiftawar ido ka ji yadda zai fito: "Kawu yana sayen tikiti. Ana busa usur. Ina shiga tarago." Mai karatu zai tausaya wa Kawu, don har yanzu yana kan layi. Mai usur kuwa kumatunsa sun gaji. Ita kuma "ina shiga tarago", kunnen Bahaushe yana jinta zai jira "sai", domin ya saba da "ina shiga sai na ga wane". Idan ka hana shi wannan "sai", ka bar shi da ƙafa ɗaya a kan matakala.

Na uku, bar jirgin ya yi tafiya.

Labari a Hausa kamar jirgin ne kansa: "muka", "suka" da "aka" su ne tafiyar, "ina" da "tana" su ne tsayawa a tasha. Daga Kano zuwa tashar Iddo a Ikko ya fi kilomita 1,100, ta Zariya, Kaduna, Minna da gadar Jebba. Wanda ya ce a kowane ƙauye zai tsaya ya yi kallo, dambun Inna zai ƙare bai wuce Zariya ba. A rubutun da bai fi shafi uku ba, tsayawa ɗaya ta isa, biyu ita ce iyaka, kowace kuma kada ta wuce sakin layi. Ka ajiye ta don daƙiƙar da al'amarin ya juya. Shiga da "ina zaune", ka fita da "sai":

"Tana ta magana ba na ji. Sai jirgi ya girgiza, ta ɗaga hannu, taron ya haɗiye ta."

Da wannan "sai" ka koma kan hanya, kuma mai karatu bai ji gargada ba.

Na huɗu, yi gwajin "mun" da "muka".

Ko ka zaɓi shuɗaɗɗen lokaci, akwai sauran rina a kaba, don iri biyu ne. "Mun isa Kaduna" rahoto ne, irin wanda ake aika wa gida a wasiƙa. "Muka isa Kaduna" labari ne, yana jan na bayansa. Matsalar ita ce idan kai kaɗai ne, a rubuce duk "na isa" ne, tsawon wasalin da ke bambanta su a baki ba ya fitowa a takarda. Dabarar ita ce ka ɗauki Kawu ka sa a jimlar, ka karanta da ƙarfi. Idan ka ji "mun sayi tikiti, mun shiga, mun zauna, mun tashi", to bayanin shaida kake bayarwa a gaban alƙali. Gyara shi ya koma "muka". Ka bar "mun" don abin da ya riga ya faru kafin labarin: "Mun riga mun yi sallama a gida, amma Inna ta biyo mu." Abin da aka saba yi kuwa yana da nasa: "Duk Asabar nakan je kallon jirgi."

Na biyar, kafa shekara kafin ka ce "yana".

"Yana" ba ta da agogo, lokacin da ka ba ta shi take ɗauka. Idan ka buɗe da "dalar gyaɗa tana tsaye kusa da layin dogo" ba ka faɗi shekara ba, wani yaron Fagge zai hau keke ya tafi nema, ya dawo yana cewa ka yi masa ƙarya. Rubuta "a 1965" ko "a shekarar da na bar gida" sau ɗaya a sama, duk "yana" da ke ƙasa ta san gidanta. Haka kuma kalmomin lokaci su bi layi ɗaya. Wanda ya fara da "ranar nan" sai ya ci gaba da "washegari". Wanda ya fara da "yau" shi ke da "gobe". Kada ka haɗa su a tarago guda.

Hukunci dai shi ne: gina labarinka da "muka", ka ara wa "ina" sakin layi ɗaya a inda zuciyarka ta buga, ka bar wa dattijon da ka zama "ashe" guda ɗaya tak. Idan ka gama, karanta wa wata tsohuwa a gida. Duk inda ta tambaye ka "yanzu ne ko dā?", sa alama a wurin, ka koma ka gyara.