Minti Uku da Rufin Surukina

Lokacin da makarantar Islamiyya ta unguwarmu, wato Jambutu ta birnin Garwa, ta yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗalibanta, sai dattawan kwamiti suka ɗora mini alhakin ɗaukar bidiyon taron, bisa hujja guda ɗaya tak, cewa wayata ta fi ta kowa faɗi. Na ɗauka, na harhaɗa a kwamfuta, na ƙawata shi da rubuce-rubuce, har ya fito minti 11 da daƙiƙa 40, kuma duk wanda ya kalla ya ce tubarkalla. Ana cikin wannan farin ciki ne shugaban kwamiti ya zo da bushara, cewa sun sayi fili a wani gidan talabijin domin duk lardi ya shaida, sai dai kuɗin da suka tara, bayan an cire na shinkafa da na hayar rumfa, bai sayi fiye da minti uku ba.

Na tafi wurin ma'aikacin da ke karɓar shirye-shirye ina roƙon rangwame, kamar yadda aka saba a kasuwa, ya saurare ni da ladabi har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, uku uku ne. Idan ya wuce, na'ura ce za ta yanke, kuma ita ba ta san Modibbo ba." Ya bayyana mini cewa talabijin a Kamaru tana tafiya ne a kan tsayayyun hotuna 25 cikin kowace daƙiƙa, waɗanda suke kira firem, saboda haka minti uku firem 4,500 ne, kuma na 4,501 ba nawa ba ne, na mai tallan sabulu ne. Da na buga lissafi a hanya, sai na ga ina riƙe da daƙiƙa 700, ana neman 180, watau wajibi ne in zubar da 520, alhali kowace ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da fuskar wani wanda zan haɗu da shi a sahun Magariba.

Dabarar da ta fara zo mini, wadda na ɗauka a lokacin ilhami ce, ita ce in ƙara wa bidiyon sauri yadda ba za a rasa kowa ba. Sai dai matse 700 cikin 180 yana bukatar gudu kusan ninki huɗu, kuma da na kunna, na ga manyan baƙi suna kwararowa cikin rumfa da sassarfa, rawuna na rawa, Modibbo kuma, mutumin da muryarsa ke cika masallaci ba tare da lasifika ba, yana addu'a da muryar jariri. Akwai wurin da ake dannawa murya ta tsaya a kaurinta, amma wannan bai magance babbar illar ba, domin karatun ɗalibai yana da maddi da gunna waɗanda malamai suka ƙayyade musu gwargwado, kuma wanda ya gaggauta su ya mayar da tartili wani abu dabam. Abin da kunne ke iya yafewa a magana ta yau da kullum ƙari ne kaɗan, kamar kashi biyar cikin ɗari, wanda a minti uku bai fi ribar daƙiƙa tara ba. A karatu kuwa ko wannan ban yarda da shi ba.

Daga nan na koma ga adalci, na ce kowa a rage masa kaɗan. Na bi jawaban ina tsince numfashi, da gyaran murya, da kowane "to" da "wato", na kwana ina yi, da gari ya waye na duba, ribar ba ta kai daƙiƙa 40 ba, ga kuma ɓarnar da na yi a fili: kan shugaban makaranta yana tsalle daga gefe zuwa gefe a kowane yanka, maganarsa tana zuba babu hutu, har matata, da ta leƙo, ta tambaya ko Malam ba shi da lafiya ne. Wannan ita ce alamar da ake gane yanka ya yi yawa a wuri ɗaya, kuma ita ce ta fahimtar da ni cewa tsintar numfashi aikin ƙarshe ne, wanda ake yi sa'ad da saura daƙiƙa biyar ko goma, ba sa'ad da ake bin mutum daƙiƙa ɗari biyar ba.

Na komo ga asalin bidiyon, wanda Allah ya sa ban taɓa shi ba, na ɗauki takarda na rubuta kowane babi da tsawonsa. Buɗewa ta ci daƙiƙa 55, isowar baƙi da gaishe-gaishe 130, jawabin shugaban makaranta 145, karatun ɗalibai 150, jawabin babban mai taimako 85, miƙa alluna 60, cin abinci 35, addu'ar rufewa 40. Sa'an nan na tambayi kaina abin da mutumin Gidar ko Pitowa, wanda bai san kowa a cikinmu ba, ya kamata ya sani idan minti ukun nan sun ƙare, amsar kuwa ba ta wuce jumla ɗaya ba: yara sun sauke Alƙur'ani a Jambutu, ga muryarsu, ga allunansu. Duk babin da za a cire wannan jumla ta tsaya da ƙafarta, shi ne farkon tafiya, kuma ya tafi ɗungurungum, domin cire babi guda ba ya barin tabo, alhali yanka ashirin a cikin babi yana barin tabo ashirin.

Abin takaici, wanda hukuncin ya fara faɗa wa shi ne abin da na fi so. Buɗewar nan ta daƙiƙa 55 na sha wahalarta ƙwarai, domin na je gadar Binuwai da sassafe na ɗauki kwale-kwale a kan ruwa, na ɗauki filin wasa na Rumde Ajiya inda aka buga wasannin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022, na tsaya a bakin titi har manyan motocin auduga suka wuce, duk don a san a wane gari muke. Amma mutanen Garwa sun san gadarsu, baƙo kuma suna a rubuce ya ishe shi, saboda haka na mayar da ita allon rubutu na daƙiƙa shida. Cin abinci ya bi bayanta ba tare da jayayya ba, don babu dattijon da ke son a nuna wa lardi yadda yake kai loma. Sai isowar baƙi, wadda a ƙasar nan ba ƙaramin al'amari ba ce, inda ake gaisawa da Hausa, a sake da Fulatanci, "jam" na bin "jam" har a tambayi lafiyar shanu. Na cire ta duka ina istigfari. Waɗannan uku kaɗai suka ba ni daƙiƙa 214, fiye da ninki biyar na abin da tsintar daren jiya ta samar.

Saura 306, kuma a nan ne aikin ya koma na zaɓe. Shugaban makaranta ya faɗi tarihin makarantar sau biyu, ya gode wa mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Na bar masa daƙiƙa 30 na maganar da ta shafi yaran, sunayen kuma na mayar da su rubutu yana wucewa a ƙasan hoto yayin da ake miƙa alluna, domin ido yana karantawa a lokacin da kunne ke sauraron wani abu, ta haka daƙiƙa ɗaya take yin aikin biyu. Inda na haɗa jumlarsa ta farko da ta ƙarshe, sai na rufe ɗinkin da fuskokin baƙi suna saurare, muryarsa na tafiya a ƙarƙashi, kuma da wannan hila na dawo da da yawa daga cikin waɗanda na kora a babin gaisuwa, kowa da daƙiƙa biyu-biyu. Karatu na bar masa 75, kaso mafi tsoka, ɗalibai uku maimakon shida, kuma ban yanke ko'ina ba sai a ƙarshen aya, da yake malaman tajwidi sun daɗe da gargaɗi game da mummunan waƙafi, wanda ke tsayawa inda ma'ana ba ta cika ba har ya juya ta. Alluna suka sami 30, addu'a 24, ya rage 15 ga babban mai taimako.

Babban mai taimakon nan kuwa surukina ne, mahaifin matata, wanda ya yi wa makarantar rufin kwano daga aljihunsa. Mutum ne mai tawali'u, kuma jawabinsa na tawali'u ne, mai doguwar shimfiɗa. Na zaɓi jumlarsa mafi daɗi, na auna, na fitar da bidiyon, sai na ga agogo ya nuna 00:03:02, domin na mance da dusashewar hoto da na sa a ƙarshe. Dare ya yi, gobe ne wa'adi, na nemi inda zan ciro daƙiƙa biyu, na hangi wani ɗan shiru a zanen sautin maganarsa, na ɗauka ƙarshen jumla ne, na datse abin da ke bayansa da ido, ban saurara ba. Lissafi ya fita cif, firem 4,500, ma'aikacin talabijin har ya yaba mini.

Daren da aka nuna, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan surukina, maƙwabta sun cika, an kawo shayi. Yara suka yi karatu, aka yi ta kabbara. Sai ga surukina ya cika allon, da babbar riga da rawani, ya dubi jama'ar lardin Arewa baki ɗaya cikin natsuwa, ya ce, "Ni dai ban ba makarantar nan komai ba." Nan take hoto ya koma kan Modibbo yana ɗaga hannu, jama'a na cewa amin. Abin da ya faɗa a zahiri, bayan ya ja numfashi, shi ne "sai ɗan abin da Allah ya hore mini," kuma wannan togaciya ita ce daƙiƙa biyun da na ba mai sabulu. Ƙa'idar waƙafin da na kiyaye wa yara da tsantseni, ban kiyaye ta ga kakan 'ya'yana ba.

Wurin ya yi tsit, in ban da wani maƙwabci da shayi ya sarƙe. Na durƙusa na ce, "Baba, a gafarce ni, lokaci ne ya matse." Bai dube ni ba, kamar yadda kunya ta tanada tsakaninmu, sai ya fuskanci shugaban kwamiti ya ce, "Malam, a gaya wa yaron nan, gadar da ya cire ba ta yi ƙara ba, amma kwano bandir nawa ne a kan makarantar?" Washegari ya aika da kuɗin wani fili daga aljihunsa domin a sake nunawa, ni kuma na ciro daƙiƙa biyun daga inda ya kamata tun farko, ɗaya daga allon buɗewa, ɗaya daga tafiyar wani ɗalibi zuwa karɓar allo.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan aka ba ka minti uku, ka tsara aikinka a kan minti biyu da daƙiƙa 55, ka bar sauran don dusashewa da abin da ba a zata ba, kuma kafin ka miƙa, ka rufe ido ka saurari kowane yanka da kunnenka tun daga farko har ƙarshe, musamman idan surukinka na ciki.