Abin da Babban Yatsan Auta Ya Rufe

Ƙanwar maigidana, autar gidansu, tana da irin fuskar nan da ke tsatso maiƙo tun kafin azahar: goshi, hanci da haɓa duk su ɗauki sheƙi. Ana saura 'yan makonni bikinta wata ƙawarta ta kawo mata tsarabar man shafawa, Hajiya surukata ta ce kada a kuskura a taɓa shi sai an tambayi Malama. Malamar ni ce. Ina koyar da ilimin sinadarai a sakandare, kuma a dangin mijina wannan ya isa a ce ni ce mai duba maganin ɓera, ni ce mai duba ranar lalacewar madara, ni ce mai bayanin dalilin tsinkewar miyar kuɓewa.

Ina cikin a-daidaita-sahu hoton man ya shigo wayata. Bayan roba ce mai faɗin baki, hasken waya ya cinye gefe guda, babban yatsan Auta kuma ya kwanta a kan layin farko da rabin na biyu. Na ja hoton da yatsu biyu har haruffan suka fara dishi-dishi, na karanta abin da ya rage:

Glycerin, Cetearyl Alcohol, Dimethicone, Phenoxyethanol, Parfum, Niacinamide.

Ƙa'idar na san ta. Ana jera kayan haɗin mai ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, shi ya sa sunaye huɗu ko biyar na farko su ne ainihin abin da mutum zai shafa. A mafi yawan mayuka ruwa ne a gaba, ana rubuta shi Aqua. Sai na ce a raina ai ruwan ne a ƙarƙashin yatsan. Ban tsaya na tambayi kaina yadda haruffa huɗu za su cika layi da rabi ba.

Sauran kuwa duk abokan arziki ne. Glycerin ruwa yake jawo wa fata, ba maiƙo yake ƙarawa ba. Dimethicone santsi yake sawa ba tare da nauyi ba. Da na hango Niacinamide a ƙarshe sai da na gyara zama, don shi ne ake nema wa mai maiƙon fuska, yana taimakawa wajen rage abin da fatar ke fitarwa. Nan take, cikin ƙarar inji da hon, na danna na yi wa Hajiya saƙon murya.

Ranar kamu ɗakin amarya ya cika maƙil. Ga ƙawaye, ga gwaggonni, ga matan unguwa, ga 'yan uwan ango biyu da suka kawo saƙo suka ƙi tafiya. Mai kwalliya, wata siririyar yarinya da na tabbata na girme ta nesa ba kusa ba, ta shafa hoda ta goge, ta sake shafawa ta sake gogewa. Ta karkata fuskar Auta wajen taga. Goshin ya cika da ƙananan ƙuraje masu rufaffen baki, irin waɗanda ba a ganinsu sosai sai haske ya bugo ta gefe, haɓar ma haka. Ta ajiye burushi a hankali.

"Amarya, me kike shafawa a fuskar nan?"

Aka miƙo robar. Ta juya ta, ta duba, ta ɗago kai.

"Wa ya ce ki sa wannan a fuska?"

A nan ne ya kamata ƙasa ta tsage. Auta, Allah ya yi mata albarka, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Hajiya ce ta ga ana neman zargin 'yarta da gangancin shafe-shafe, ta zabura don ta wanke ta.

"A'a, mu ba ma yin abu da ka. Sai da muka tambayi masana. Ke, miƙo mini wayata."

Wayar Hajiya irin wadda ake jin ƙararta daga zaure ce. Ta lalubo saƙon, ta ƙure murya, ta ɗaga wayar sama don kowa ya amfana. Sai ga ni, da hon ɗin a-daidaita-sahu a bayana:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Na duba shi tsaf, ɗaya bayan ɗaya. Wannan man kamar don Auta aka yi shi. Ta shafa safe da dare, kada ta yi masa rowa. In ƙurji ko ɗaya ya fito, a zo a same ni."

Ina zaune a bakin gado da farantin cincin a cinya. Ba wanda ya zo ya same ni, don ga ni nan. Kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Hajiya kuma, da ta ga ɗakin ya yi tsit, sai ta ɗauka ba a ji ba ne, ta sake dannawa.

"Na duba shi tsaf."

Wannan tsaf ɗin ne ke hana ni barci. Na faɗe shi da irin muryar da nake yi wa 'yan aji uku in na kama su suna satar amsa, na ja shi, har da ɗan tsayawa a bayansa. Da na ce "da alama", da na ce "in Allah ya yarda", da akwai ƙofar fita. A karo na biyu na lura ma da wata 'yar dariya da na yi kafin "a zo a same ni", dariyar mutumin da bai taɓa tunanin za a zo ɗin ba.

Mai kwalliya ta miƙo mini robar da ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. "Anti, ko za ki duba layin farko?"

Babu yatsa a kai yanzu: Aqua, Paraffinum Liquidum, Cocos Nucifera Oil, Theobroma Cacao Seed Butter.

Ruwan dai yana nan, a nan ban yi ƙarya ba. Amma na biyu man ma'adinai ne, ɗan uwan basilin. Shi kansa bai cika toshe ƙofofin fata ba, sai dai yana kwanciya a kanta ya yi nauyi, kuma fuskar da ke fitar da nata maiƙon ba ta neman ƙari, balle a zafin Kano. Na uku man kwakwa, na huɗu man koko, su biyun suna sahun gaba cikin abubuwan da aka sani da toshe ƙofofin fuska. Su ne jikin man, kuma su ne na sa yarinya ta lafta safe da dare.

Na juya robar. A gaba an rubuta man jiki ne, har da hoton kwakwa an fasa ta biyu. Yaron da bai shiga makaranta ba ma zai gane. Ban nemi hoton gaba ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko a rabin da na gani amsar tana nan. Cetearyl Alcohol, duk da sunansa, ba irin sifirit ɗin da ke busar da fata ba ne. Abu ne mai kama da kakin zuma da ake sawa don mai ya yi kauri, ganinsa a sama-sama ya isa ya sa in yi zargin man daskararre ne. Sannan Phenoxyethanol maganin hana mai lalacewa ne, a ƙa'idar Turai ba ya wuce kashi 1 cikin 100. Tun da jerin daga babba yake gangarowa, duk abin da ya biyo bayansa bai fi kashi 1 ba. Niacinamide ɗin da na yi wa guɗa yana can bayansa, bayan turare ma, alhali wanda ake sa ran ya taɓa maiƙo yakan kai kashi 2 zuwa 5. An ɗan yayyafa shi ne don sunan ya samu shiga.

Mai hankali a nan shiru zai yi. Ni sai na buɗe baki.

"To, ai ma'aunin toshe fatar nan ba hukunci ba ne. Daga 0 zuwa 5 ne, man kwakwa ana ba shi 4, amma asalin gwajin tun shekarun 1970 a kunnen zomo aka yi shi, kuma kunnen zomo ya fi fatar mutum saurin..."

Gaskiya na faɗa. Gwajin yakan zuzuta abu, kuma sinadarin da ya toshe kunnen zomo yana zallansa ba lallai ya dami mutum ba in ɗan kaɗan ne a ƙarshen jeri. Sai dai namu a farkon jeri yake, kuma hujjar tana zaune a gabanmu da lalle a hannu.

"Zomo kuma?" in ji Gwaggo.

Gwaggo yayar Hajiya ce, ta zo daga ƙauye tun farkon mako, tana kan tabarma tana ɓare goro. Ta miƙo hannu aka ba ta robar. Ta shinshina. Ta lakato da ɗan yatsa ta ɗora a harshe, ta yi shiru tana kallon silin, ɗaki duka yana jiranta.

"Ba ɗaci. Abin da ba ɗaci ba ya cuta, ba ya kuma magani. Ke 'yar nan, karatun ne ya yi miki yawa. In an kawo miki mai, ki duba ko da rubutun Larabci a jikinsa. In akwai, daga Makka yake, ki shafa da bismilla. In babu, ki fara gwadawa a kan kishiya."

Wata ta ce ai Malama ba ta da kishiya.

"To ga inda matsalar take," in ji Gwaggo.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce a zamaninsu amaryar da fuskarta ba ta ƙyalli cewa ake ba a ba ta abinci a gidansu, har man shanu ake shafa mata don kada dangin ango su raina. Ta ce ƙurajen na zumuɗin aure ne, ita ma ta yi su, da aka kai ta suka baje. Ta ba da shawarar a daina duba madubi har bayan buɗar kai. Wallahi a duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ba wanda ya kwantar wa Auta da hankali kamar wannan.

Mai kwalliya ta wanke fuskar, ta danna tishu ta tsotse maiƙon, ta sa wani abu mai ruwa-ruwa da ya shige nan take, ta hana kowa matsa ƙurajen. Tana aiki tana magana, ba ta kalle ni ba: ita in kwastoma za ta turo mata mai, sai ta sa ta ajiye robar a kan tebur ta cire hannu, ta kashe hasken waya, ta ɗauki gaba, ta ɗauki baya, in robar zagayayya ce ta juya ta ƙara ɗauka. Ko sunayen sun yi kyau, sai an gwada a gefen muƙamuƙi na mako biyu ko fiye, don irin waɗannan ƙurajen ba a kwana ɗaya suke fitowa ba. Matan ɗakin suna ta gyaɗa kai. Ɗaya daga cikin 'yan uwan ango ta tambaye ni, da zuciya ɗaya, a wace makaranta nake koyarwa, don ɗanta zai shiga sakandare bana.

Robar kuwa Gwaggo ce ta ƙulle ta a bakin zani. Shekaranjiya ta aiko a gaishe ni, ta ce kaushin ƙafarta duk ya kwanta, Malama ta iya zaɓen mai.