Mu da hularmu da takalminmu a ƙofar ɗakin ibada

Mu dai a nan unguwar, namiji ba ya zuwa sabga kai babu hula, kuma ko ɗakin surukai zai shiga sai ya tuɓe takalmi. To a majalisarmu ta bayan la'asar maganar ta taso, saboda abokin aikin ɗan maƙwabcinmu ya gayyace shi ɗaurin aure a cocin Katolika a Sabon Gari, yaron ya zo yana tambayar yadda zai shiga.

Baba tsohon direba ne ya fara amsa masa. "Ɗana, babbar rigarka ba ta da laifi, sa abarka. Sai dai abin da ka saba a masallaci juya shi za ka yi: takalmi a ƙafa, hula a hannu. A wurinsu namiji ya buɗe kai shi ne girmamawa. Matarka kuma ta bar ɗankwalinta da mayafinta, don matan cocin ma da yawa ɗaure kai suke yi."

Mai shayi ya ce shi abin da ke ɗaure masa kai shi ne tashi da zama da durƙuson nan. Malamar asibitin da ke haya a gidan kusurwa, 'yar ECWA ce, tana jiran a zuba mata shayi, ta ce wannan mai sauƙi ne. In jama'a sun miƙe ka miƙe, in sun durƙusa ka yi zamanka shiru, ba mai tsangwamar baƙo. In kwanon baiko ya iso gabanka, ka ga dama ka saka, ka ga dama ka miƙa wa na kusa. Abu guda ta ja kunne a kai: in ka ga an yi layi gaban Fada ana karɓar gurasar Jibin Ubangiji, kada ka bi sahu don kara. A Katolika wannan na 'yan ɗariƙar ne waɗanda aka yi wa baftisma aka kuma shirya su, ita kanta ba ta karɓa in ta je. Ta ƙara da cewa kada a ɗauka coci duk ɗaya ne. Masu farar riga irin Selestiyal a ƙofa ake ajiye takalmi, mace ta rufe kai, maza gefe mata gefe, kuma ba sa son jan kaya ko baƙin kaya.

Ni a ganina nauyin ya fi yawa a kanmu in baƙon namu ne. Sau nawa ake ɗaurin aure a masallacin unguwa, abokan ango Kiristoci su tsaya a rana ba wanda ya ce musu ga wuri? Masallatanmu da yawa ba sa shigar da wanda ba Musulmi ba, wasu kuma suna bari in ba lokacin salla ba ne. Mai gayya ne ya kamata ya tambayi liman ko ladan tun kafin ranar. In an yarda, ya gaya wa baƙonsa ya sa dogon wando da riga mai hannu, mace ta rufe gashi da jiki ta bi ƙofar mata, a cire takalmi, a kashe waya, kada a gifta gaban mai salla, kada a ɗauki Alƙur'ani daga kan kanta. In ba a yarda ba, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a kawo ruwa, a fito da goro da dabino har inda suke.

Baba ya ce duk wannan bai kai abin da ya gani a arewacin Gana ba. A Tengzug, cikin duwatsun Tongo kusa da Bolgatanga, akwai wurin tsafin Talensi a cikin kogo. Mai hawa can sai ya cire takalmi da hula da riga, daga ƙugu zuwa sama babu sutura, mace ko namiji, Bature ko ɗan gari. Wata Hajiya da ke cikin motarsu ta ji sharaɗin ta ce ita a ƙasa za ta jira, mai rakiyar ya samo mata wurin zama, ba wanda ya ɓata rai. "Haka ake yi," in ji Baba. "Ka tambayi doka tun kana gindin dutse. In addininka bai bar ka ba, ka yi godiya ka tsaya. Abin da ba a yi shi ne ka hau sannan ka tsaya ciniki, ko ka zaro waya ka hau ɗaukar hoto ba izini, ko ka taɓa gashin kaji da ƙasusuwan hadaya da ka tarar."

Yaron ya tambaya ko zai iya fita in azahar ta riske shi ana tsaka da hidima a cocin. Malamar ta ce ya zauna a bencin baya kusa da ƙofa, ya raɗa wa mai tsaron ƙofar, ya fita a hankali lokacin da ake waƙa, ba lokacin wa'azi ba.