Masu Umartar Na'ura Ta Zana Musu Abinci

Tun da manhajojin zana hoto irin su Midjourney suka shigo hannun masu gidajen abinci, takardar jerin abinci ta koma dandalin cika baki. Mai gida ya rubuta umarni da Turanci, na'ura ta zana masa faranti. Ra'ayina shi ne hoton da ke kan takardar nan alkawari ne, don haka umarni mai kyau shi ne wanda ya siffanta abin da kuku zai iya fitowa da shi daga kicin. Masu saɓa wannan alkawari kuwa kowa da irin cutarsa.

Na gaba-gaba shi ne Sarkin Tururi. A wurinsa abincin da ba ya hayaƙi bai dahu ba, sai ya rubuta "heavy steam" a kan komai: farfesu, dambun nama, salak, har zoɓo mai ƙanƙara. Ka duba hoton ka rasa ko tuwo aka kawo ko gobara ta tashi a kicin. Abin da bai sani ba, tururi fari ne, ba ya fitowa sai bayansa da duhu kuma haske ya doke shi ta baya ko ta gefe. Idan ya nemi farin bango, na'ura ta kan cika masa da hazo don kada ta ba shi kunya. Siririn zare ɗaya ya ishi farfesun kayan ciki. Zoɓo kuwa raɓa yake so a jikin kofi.

Ƙanwarsa ita ce Uwar Kwalliya, wadda ba ta iya ganin fili a faranti ta ƙyale. Ta rubuta "garnished" ta yi shiru, na'ura kuma, wadda da yawa daga cikin hotunan da ta koya daga gare su na abincin Turai ne, ta dasa ganyen fasili a tsakiyar tuwon shinkafa, ta jingina yankan lemon tsami a gefen miyar kuka. Wace uwar gida ce ta taɓa yin haka a Kano? Maganin wannan a ambaci kowane abu da sunansa, kuma ya zama ana ci da shi: albasa, tumatir, kabeji da yajin ƙuli ga tsire. Shi kuwa Alhaji Marmara, teburin shagonsa na roba ne, amma a hoto sai farin dutse mai ƙyalli. Ya ɗora farin tuwo a farin faranti a kan farar marmara, sannan ya yi ta mamakin inda tuwon ya shiga. Katako mai duhu ko faifai zai fito masa da malmalar.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Malam Dishi-dishi, domin shi da ɗan iliminsa. Ya ji ana cewa hoton ƙwararru bayansa a dushe yake, sai ya liƙa "f/1.2" a kowane umarni. Ƙaramar lamba tana nufin ƙofar kyamara a wangale, abin da zai fito tar kuma ɗan siriri ne. Sakamakon haka ƙwayar shinkafa uku ake gani a dafa-duka, cinyar kazar da saboda ita aka ninka kuɗin ta narke ta zama jan gajimare. Na'urar ba ta da gilashin kyamara, kwaikwayon kamannin take yi, amma tana kwaikwayon har da ɓarnar. Ga faranti guda da aka hango a karkace, f/4 ya wadatar. Idan daga sama aka leƙo, komai na shimfiɗe waje ɗaya, neman dushewa ɓata baki ne. Mai tsire da ya san abin da yake sayarwa zai rubuta kamar haka:

```
six flat beef skewers dusted with ground peanut spice, raw onion rings, tomato slices, on brown paper, dark wood table, faint smoke, side light, 45 degree angle, f/4
```

Ya faɗi tsinke nawa ne, ya siffanta yajin da kansa don kada na'ura ta ba shi kebab mai barkonon Turawa, duhun katakon kuma shi zai nuna ɗan hayaƙin.

Za a ce ai talla ce, kowa na ƙara gishiri. Gaskiya ne a allon bakin titi, inda mai kallo ke wucewa a mota. Amma mai riƙe da takardar abinci yatsa yake ɗorawa a kan hoto ya ce "kawo wannan", ba da jimawa ba faranti ya sauka kusa da hoton, ya ƙirga tsinke shida a takarda, huɗu a gabansa. Yaron shago ne zai sha faɗan. Wani kuma zai ce to me ya hana a ɗauki hoton abincin da waya? Babu abin da ya hana, shi ma ya fi, musamman ga miyar kuka da na'ura ta kan mayar da ita miyar alayyahu. Wanda ya dage sai na'ura, ya ajiye farantinsa na gaske a gabansa kafin ya rubuta kalma ɗaya, duk abin da babu a ciki kada ya shiga umarni.